Gano Alamar Cinikin Kamfani da Kasuwar da Yake: Me Ya Sa Kamfani Ɗaya Ke da Alama Fiye da Ɗaya?

 

 Batun da aka ɗora mini shi ne yadda mutum zai gano alamar cinikin kamfani da kasuwar hannun jarin da aka yi masa rajista, da kuma dalilin da ke sa a ga kamfani ɗaya da alama biyu ko uku. A yau saye da sayar da hannun jari ya dawo cikin wayar hannu. Da can dillali ne ke tsaye tsakanin mai kuɗi da kasuwa, idan ka faɗi suna ba daidai ba ya tambaye ka wanne kake nufi. Yanzu kai ne ke buga haruffa da yatsanka, ka danna saye, kuma manhaja ba ta tambayar niyyarka. Abin da ka buga shi za a saya maka.

Abin da nake so mu tashi da shi guda ɗaya ne. Alamar ciniki ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Sai an haɗa ta da sunan kasuwar, da cikakken sunan kamfanin, da lambar hannun jarin ta duniya, sannan mutum zai iya cewa ya san abin da ya saya.

Mece ce alamar ciniki?

Alamar ciniki, wadda dillalai ke kira tika, gajeren suna ne da kasuwar hannun jari ke ba kowane kaya da ake ciniki a cikinta. A kasuwar Legas, wato NGX, simintin Dangote shi ne DANGCEM, sukarin Dangote DANGSUGAR, bankin Jaiz kuwa JAIZBANK. Kowace kasuwa da al'adarta. Legas tana yarda da doguwar alama mai kama da sunan kamfanin. Landan da New York sun fi son gajera, yawanci haruffa uku ko huɗu. A Saudiyya da Japan lambobi aka saba amfani da su: kamfanin mai na Aramco a kasuwar Riyadh shi ne 2222, Toyota a kasuwar Tokyo kuwa 7203.

Babu wata hukuma ta duniya da ke raba waɗannan alamomi. Kowace kasuwa tana tabbatar da cewa a cikin gidanta babu kaya biyu masu alama ɗaya, amma ba ruwanta da abin da wata kasuwa ta yi. Kamar lambar shago ce. Akwai shago mai lamba 12 a Kantin Kwari, akwai mai lamba 12 a Sabon Gari, kuma wanda ka aika da lambar kawai ba tare da sunan kasuwa ba, ba ka ba shi adireshi ba.

Ga misalin da ya shafe mu. A kasuwar Johannesburg ta Afirka ta Kudu, MTN alamar kamfanin sadarwar da muka sani ce. A kasuwar New York kuwa, MTN alama ce ta Vail Resorts, kamfanin wuraren shaƙatawa da wasan zamiya a kan ƙanƙara a Amurka. Wanda ya buɗe manhajar da ke sayar da hannun jarin Amurka ya buga MTN, yana zaton kamfanin layin wayarsa zai saya, to duwatsun ƙanƙara ya zuba wa kuɗi. Irin wannan ya faru a zahiri a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa duniya ta koma taro ta manhajar Zoom. Alamar kamfanin manhajar ita ce ZM. Amma akwai wani ƙaramin kamfani daban, Zoom Technologies, mai alamar ZOOM. Mutane suka yi ta sayensa bisa kuskure har farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, sai da hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta dakatar da cinikinsa a watan Maris na waccan shekarar.

Mu bi sawun kamfani ɗaya

Domin kada maganar ta zama ta baka kawai, bari mu ɗauki kamfanin da da yawanmu ke da layinsa a aljihu, a Najeriya da Nijar da Chadi, wato Airtel. A ce wani a cikinmu ya ce yana so ya mallaki hannun jarin Airtel. Ta ina zai fara?

Matakin farko shi ne neman cikakken sunan kamfanin a hukumance, domin sunan da ke jikin allon talla ba lallai ne ya zama wanda ke kasuwa ba. Kamfanin da ke sayar mana da kati a Najeriya sunansa Airtel Networks Limited, kuma shi ba a cinikin hannun jarinsa a kasuwa. Reshe ne na wani kamfani mai suna Airtel Africa plc, wanda aka yi wa rajista a Ingila, yake aiki a ƙasashe 14 na Afirka. Shi ma Airtel Africa yana ƙarƙashin Bharti Airtel na Indiya. Ka ga hawa uku ke nan da suna ɗaya: na ƙasa ba ya kasuwa, na tsakiya da na sama kowanne yana kasuwa da kansa. Wanda ya sayi Bharti Airtel, mai alamar BHARTIARTL, mafi yawan abin da ya saya kasuwancin waya ne a Indiya. A nan ma akwai tarko. Babbar kasuwar Indiya ana taƙaita sunanta NSE, haruffan da kasuwar Legas ta yi amfani da su kafin ta koma NGX a 2021. Don haka idan ka ga NSE a gefen alama, duba da kyau, ta yiwu Mumbai ake nufi.

Mataki na biyu shi ne tambayar kamfanin da kansa. Duk kamfanin da ke kasuwa yana da sashen masu zuba jari a shafinsa na intanet, wanda za ka ga an rubuta masa Investors ko Investor Relations, kuma yana fitar da rahoton shekara. A nan ake faɗar kasuwannin da yake da alamarsa a kowace. Ga Airtel Africa za ka tarar da biyu: AAF a kasuwar Landan, AIRTELAFRI a kasuwar Legas. An fara cinikinsa a Landan a ƙarshen watan Yunin 2019, a Legas kuma cikin watan Yuli.

Mataki na uku shi ne tabbatarwa daga kasuwar kanta. NGX tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta, tana kuma fitar da jadawalin farashi kowace ranar ciniki. Nemo alamar a can, ka ga cikakken sunan da ke gefenta ya yi daidai da wanda ka samo. Na fi son a dogara da shafin kasuwa fiye da sakamakon bincike na intanet ko hoton da aka turo a zauren WhatsApp, saboda kasuwa ce mai ba da alama, ita ce kuma ke fara sanarwa idan an canza ta ko an dakatar da cinikinta.

Mataki na huɗu shi ne lambar duniya, wadda za ka ga an rubuta ISIN. Ita ce alƙalin da ke raba gardama. Tana da gurbi 12: haruffa biyu na farko na ƙasar da aka fitar da hannun jarin, tara na tsakiya na kayan, na ƙarshe kuma lamba ce ta gwaji da ke kama kuskuren bugu. Ta Airtel Africa ita ce GB00BKDRYJ47. Haruffan GB sun gaya maka hannun jarin na Ingila ne, ko da a Legas ka saye shi da naira. Wannan lamba ɗaya ce a Landan da Legas, abin da ke nuna AAF da AIRTELAFRI kaya ɗaya ne a kasuwa biyu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: alama biyu masu lambar duniya ɗaya abu ɗaya ne. Idan lambar ta bambanta, to akwai bambanci a kayan, sai ka binciko menene.

Mataki na biyar, wanda aka fi mantawa, shi ne duba kuɗin da aka rubuta farashin da shi. A Legas naira ce. A Landan mafi yawan hannun jari ana rubuta farashinsu ne da kwabon Ingila, wanda ɗari ke zama fam ɗaya, kuma za ka ga an sa GBX ko GBp a gefe. Lokacin da Airtel Africa ya shiga kasuwa, farashinsa a Landan 80 ne, a Legas kuma naira 363. Wannan 80 kwabo ne, wato fam ɗaya ma bai cika ba. Idan ka raba 363 da 0.80 za ka samu kusan naira 454 a kowane fam, wanda ya yi daidai da canjin wancan lokaci. Ke nan farashin biyu ɗaya ne. Amma wanda ya ɗauka fam 80 ne, lissafinsa zai ba shi naira dubu 36 da ɗoriya, ya yi tsammanin a Legas ana sayar da kayan da rahusa ninki ɗari. Duk lokacin da lissafinka ya nuna maka garaɓasa irin wannan, fara zargin lissafin kafin ka zargi kasuwa.

Dalilan da ke kawo alama fiye da ɗaya

Dalili na farko mun riga mun gan shi: kamfani ya yi rajista a kasuwa fiye da ɗaya, don ya samu masu zuba jari na gida da na waje. Kamfanin mai na Seplat ya shiga Legas da Landan tare a watan Afrilun 2014, a Legas SEPLAT, a Landan SEPL. Uwar bankunan Ecobank, mai hedikwata a Lome, tana kasuwa uku: ETI a Legas, ETI a Accra, sannan ETIT a kasuwar BRVM da ke Abidjan. Wannan BRVM ita ce kasuwar ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Yammacin Afirka, har da Nijar. Don haka ɗan uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da ɗan uwanmu na Kumasi da mu nan za mu iya mallakar kamfani ɗaya, kowa da kuɗin ƙasarsa.

Sai dai kasancewar kaya ɗaya ba ya nufin farashi zai zo daidai kullum. Ciniki na iya yin yawa a wata kasuwa ya yi ƙaranci a wata, har a kwana ba a saya ba a sayar ba, farashin jiya ya ci gaba da zama a allo. Canjin kuɗi ma yana raba su. A shekarun da dala ta yi wuya a Najeriya, aka samu tazara mai faɗi tsakanin canjin hukuma da na bayan fage, farashin irin waɗannan kamfanoni a Legas ya riƙa zarce na Landan idan aka lissafa da canjin hukuma. Kuma ɗauke hannun jari daga rajistar wata ƙasa zuwa wata aiki ne na takardu, ta hannun dillali da magatakardan kamfani, yana cin lokaci da kuɗi. Wanda ya saya a Legas, a Legas zai sayar, sai idan ya bi waccan hanya.

Dalili na biyu shi ne takardar ajiya. Wani lokaci kamfani ba ya kai hannun jarinsa kansa kasuwar waje. Sai a ajiye wani adadi a hannun banki, bankin ya fitar da takardar shaida a kansu, ita ake ciniki a waje da dala. A Landan za ka ga an rubuta GDR, a Amurka ADR ko ADS. Abin lura shi ne takarda ɗaya ba lallai ta zama hannun jari ɗaya ba. Bankin Zenith, wanda yake ZENITHBANK a Legas, ya kai irin wannan takarda Landan a 2013, kowace ɗaya tana wakiltar hannun jari 50. Mu yi lissafi da farashin misali. A ce hannun jari ɗaya naira 60 ne a Legas. Sau 50 ya zama naira 3,000. Idan dala tana naira 1,500, ya kamata takardar ta kasance wajen dala 2. Wanda bai san da wannan 50 ba zai kwatanta dala 2 da naira 60, ya ce a waje an ninka farashi sau hamsin, alhali kuwa daidai suke. Haka Toyota: alamar TM ta New York takardar ajiya ce mai wakiltar hannun jari 10 na 7203 da ke Tokyo. Takardar ajiya tana da tata lambar duniya daban, kuma rabon riba yana biyowa ne ta hannun bankin, wanda yakan cire ladansa.

Dalili na uku shi ne kamfani ya kasa hannun jarinsa aji-aji, kowane aji da haƙƙinsa. Alphabet, uwar kamfanin Google, tana da alama biyu a kasuwa ɗaya, Nasdaq. GOOGL yana ba mai shi ƙuri'a ɗaya a taron masu hannun jari. GOOG ba shi da ƙuri'a ko ɗaya. An yi wannan rabo a 2014. Akwai kuma aji na uku mai ƙuri'a goma, wanda ba ya kasuwa, yana hannun waɗanda suka kafa kamfanin da na kusa da su, kuma da shi suke riƙe da ragamar kamfanin. Farashin GOOGL da GOOG yakan yi kusa da juna, amma harafi ɗayan nan shi ke raba mai ta cewa da wanda ba shi da ita.

Dalili na huɗu ba daga kasuwa yake ba, daga masu yaɗa farashi ne. Shafukan labarin kuɗi suna haɗa kasuwannin duniya wuri guda, don haka suke maƙala wa kowace alama wutsiya da ke nuna kasuwarta. Airtel Africa na Landan shi ne AAF.L a Yahoo Finance, AAF LN a Bloomberg. Simintin Dangote a Bloomberg DANGCEM NL ne, kuma NL ɗin nan Legas yake nufi. Waɗannan ba sababbin kaya ba ne. Amma wutsiyar tana da amfani, domin ita ce ke gaya maka farashin wace kasuwa kake kallo.

Dalili na biyar shi ne canjin zamani. Kamfani ya canza suna ko tsari, alama ta canza. GUARANTY ya koma GTCO a 2021. ACCESS ya koma ACCESSCORP a 2022. A shekarar ce kuma FB na Facebook ya zama META. Mu a nan Arewa muna da misali a gida: kamfanin simintin Sakkwato, mai alamar CCNN, ya haɗe da kamfanin simintin Obu, aka samu BUACEMENT wanda ya shiga kasuwa a watan Janairun 2020. Wannan ya shafi gidaje da yawa. Mahaifi ya rasu, a buɗe akwatinsa a tarar da tsohuwar takardar hannun jari, magada su nemi sunan a kasuwa su rasa, su yanke cewa dukiyar ta salwanta. Sau da yawa tana nan, sunan ne ya canza. Hanyar ita ce a nemo magatakardan kamfanin, wanda galibi sunansa ke jikin takardar ko takardun rabon riba, ko a je wurin dillali mai lasisin hukumar SEC ya bi sawun sunan, ya duba ko akwai asusu a CSCS, inda ake ajiye hannun jarin kasuwar Najeriya. Dukiyar marayu ce, bai halatta a bar ta don an kasa gane haruffa ba.

Abin da ke kama da alama biyu amma ba ita ba ce

Akwai abu ɗaya da nake so mu raba shi da duk waɗannan. MTN a Johannesburg, MTNN a Legas, MTNGH a Accra: wani zai ce kamfani ɗaya ne mai alama uku. Ba haka ba ne. Kamfanoni uku ne. Na Johannesburg uwa ce mai rassa a ƙasashe da dama. MTNN, wanda ya shiga kasuwar Legas a watan Mayun 2019, kasuwancin Najeriya ne kawai. Na Accra kuwa sunansa a hukumance Scancom. Kowanne da littafin asusunsa, da ribarsa, da bashinsa, da lambarsa ta duniya. Idan naira ta faɗi, MTNN ke fara jin zafin kai tsaye, na Ghana kuma sidi ce damuwarsa. Haka Ecobank Ghana, mai alamar EGH, daban yake da uwarsa ETI, duk da cewa a kasuwa ɗaya ake cinikinsu a Accra.

Haka nan kada wurin da kamfani ke aiki ya sa ka yanke kasuwarsa. Jumia a titunanmu yake kai kaya, amma an yi masa rajista a Jamus, kuma a New York ake cinikinsa tun 2019 da alamar JMIA. Sannan akwai manyan sunaye da ba sa kowace kasuwa. Idan wani ya zo maka da tayin hannun jari, ka nemi alamarsa a jerin kasuwar ka rasa, ya ce maka ai ta hannunsa ake saya, ka tura kuɗi asusunsa, to ka riƙe kuɗinka har sai dillali mai lasisi ya tabbatar maka.

Kammalawa

'Yan uwa, kafin ku danna saye, ku rubuta abu biyar a takarda: cikakken sunan kamfanin, kasuwar, alamar, lambar duniya, da kuɗin da aka rubuta farashin da shi. Idan kun ga alama biyu, ku tambayi wanne ne daga cikin dalilan nan: kasuwa biyu ce, takardar ajiya ce, aji ne daban, wutsiyar masu yaɗa farashi ce, tsohon suna ne, ko kuwa uwa ce da reshenta. Bayan ciniki, ku karanta takardar shaidar da dillali ya turo, ku tabbata sunan da ke ciki shi ne kuka nufa, idan an samu saɓani ku yi magana a ranar.

Ina kira ga dillalanmu da su riƙa yi wa abokan cinikinsu wannan bayani da Hausa, ina kuma kira ga matasan da suka iya waya da su zauna da iyayensu, a fito da tsofaffin takardun nan a bi sawunsu tun masu su suna raye.

Allah ya sa albarka a neman halaliyarmu.